Muƙalar da Aka Dawo wa Afa Buraima da Ita

Duk wanda ya yi ƙuruciya a unguwar Nyohini ta Tamale ya san Afa Buraima, ko bai zauna a ajinsa ba. Afa shi ne malam a bakin mutanen nan. Dogo ne siriri, yana hawan wani tsohon moto ja, wato babur, wanda ake jin ƙararsa tun daga kwanar kasuwa. A ƙauyen Gbalahi aka haife shi, ɗan manomi, kuma har ya tsufa bai daina zuwa duba masararsa ran Lahadi ba. Mahaifinsa ne ya kawo shi Tamale karatun addini yana ɗan shekara tara. Ya yi Larabci mai zurfi, Turanci kuwa sai daga baya ya tsince shi, rabi a aji, rabi a rediyo. Shekara ashirin da shida ya yi yana koyarwa a wata makarantar Ingilishi da Arabiyya ta unguwar, ba tare da takardar horon malanta ba.

Ni na san shi ne a ajin ƙarshen mako. Hukumar ilimi ta matsa cewa kowane malami ya nemi takardar, sai muka haɗu mu kusan arba'in a wata cibiyar karatu, kowace Asabar. Shi ne babbanmu, yana da hamsin da uku a lokacin. A benci na gaba yake zama, yana rubuta komai da hannu mai kyau irin na masu rubutun allo.

Mai koya mana darasin addini da tarbiyya ita ce Madam Belinda Tetteh, Kirista ce daga kudu, ta kai shekara goma a Tamale. A aji Turanci take yi, amma in ta ga abu bai shiga ba sai ta sauko da Hausarta ta kasuwa, wadda ba ta damu da bambanta mace da namiji ba. A tsakiyar zango ta ba mu aikin muƙala: mu tattauna bayanin kimiyya da bayanin addini a kan asalin duniya da asalin ɗan Adam, mu auna su da adalci, a shafi huɗu.

Afa ya yi murmushi da ya ji tambayar. Ya ce mini wannan ai ba aiki ba ne, ya sha yin wa'azi a kansa. Ya kawo shafi shida. Da aka dawo da takardu bayan mako biyu, kowa ya sami maki, tasa kuwa babu ko ɗigo. A sama an rubuta da jan biro cewa ya same ta bayan aji. Ya ce in tsaya tare da shi, wai ko Turancinta zai yi masa sauri.

“Afa, rubutunka da kyau,” in ji ta. “Amma wannan wa'azi ne. Ni muƙala na tambaya.”

“Madam, akwai ƙarya a ciki?”

“Duba nan.” Ta buɗe shafi na farko. “Bayanin kimiyya, layi huɗu. Bayanin addini, shafi biyar da rabi. Kuma cikin layi huɗun ka ce masu kimiyya sun ce biri ya haife mu, duniya kuma ta faɗo haka kawai. Wane mai kimiyya ya faɗa maka haka?”

Afa ya ce kowa ya san haka suke cewa. Ta girgiza kai, ta ɗauki alli ta zana layi biyar a kan allo, tana bayani. Na farko gabatarwa: ka faɗi mene ne tambayar, ka fayyace abin da kake nufi da asali, domin asalin sararin sama daban, asalin rai daban, asalin mutum daban. Na biyu ɓangare ɗaya, da hujjojinsa, yadda masu shi suke faɗinsa. Na uku ɗaya ɓangaren, da tsawo da kulawa kwatankwacin na farko. Na huɗu awo: ka kawo sukar da ta fi ƙarfi a kan kowanne, da amsar da masu shi suke bayarwa. Na biyar kammalawa, inda za ka faɗi matsayinka da dalilinka.

“To ashe zan iya faɗin abin da na yi imani da shi,” in ji Afa.

“Dole ma. Wanda bai faɗi matsayinsa ba bai gama ba. Amma a ƙarshe, bayan ka nuna ka ji kowa.” Ta ƙwanƙwasa layi na biyu da allin. “Wannan, in ka rubuta shi, ka kai wa mai koyar da kimiyya. In shi ya karanta ya ce e, haka muke cewa, to ka yi daidai. In ya ce ba mu ce haka ba, ka sake.”

“Ke kin yarda da maganarsu ke nan?”

Ta yi dariya. “Ni ina waƙa a coci kowane Lahadi, Afa. Ba imaninka nake gwadawa ba. Ina so in gani ko ka iya faɗin maganar wani ba ka lanƙwasa shi ba.”

A hanya muka tsaya shan koko a bakin titi. Abin da ya dame shi, kamar yadda ya faɗa mini, shi ne tsoron ya gyara maganar da yake ganin ɓata ce, ya yi mata ado da hannunsa, wani ya karanta ya ruɗu. Ya yi kwana uku yana juya abin. Matarsa Zuweira, mai sayar da atamfa a kasuwa, ita ce ta fara sassauta shi ba da niyya ba. Ta ce masa ai shi ne mutanen unguwa suke kira in an yi rigimar gado ko ta iyaka, kuma ba ta taɓa ganin ya yanke magana bai maimaita wa kowane ɓangare abin da ya faɗa ba har sai mai maganar ya gyaɗa kai. Ta tambaye shi ko ya taɓa jin cewa maimaita da'awar mutum ya sa ya zama shi. Afa ya ce wannan daban. Ta ce to, ta ci gaba da ninke kayanta.

Matsalar ita ce mai koyar da kimiyyar da ya sani mutum ɗaya ce, kuma ba ya son zuwa wurinta. Sunanta Maltiti, tana koyar da ilimin halittu a wata sakandare ta cikin gari. Ɗalibarsa ce ta dā. Tana 'yar shekara goma sha huɗu ta taɓa ɗaga hannu a ajinsa ta ce malamin kimiyya ya gaya musu duniya ta daɗe fiye da yadda ake lissafi, ta tambaya yaya za a haɗa wannan da kwana shida. Afa ya ce mata wanda yake son ya zama jikan biri ya tashi ya koma wurin danginsa. Aji ya fashe da dariya, sunan kuma ya bi ta har ta gama makarantar. Ba ta sake ɗaga hannu a gabansa ba. Tun daga nan in sun haɗu takan rusuna ta gaishe shi, ta wuce.

Ran wata Laraba bayan la'asar ya je. Ya same ta a ɗakin gwaje-gwaje tana wanke kwalabe, hijabinta a naɗe a kafaɗa don kada ya jiƙe. Ta yi mamaki, ta share kujera ta ba shi. Bayan doguwar gaisuwa ya miƙa mata layi huɗun nan, ya ce ta gaya masa ko haka suke cewa.

Ta karanta. “Afa, in faɗi gaskiya?”

“Don ita na zo.”

“Babu ko ɗaya a nan da muke cewa.”

Ya buɗe littafinsa, ya cire murfin biro. Daga baya ya ce mini wannan ne karo na farko da ya zauna a gaban wanda ya koyar yana rubuta abin da yake faɗa.

Ta fara da sama. Ta ce masana sun lura cewa tarin taurari masu nisa suna ƙara nisa da mu, kuma wanda ya fi nisa ya fi saurin ja da baya. Daga nan suka fahimci cewa sararin yana faɗaɗa, kuma in aka bi lissafin baya za a kai lokacin da komai yake a matse, da zafi mai tsanani, shekara kusan biliyan goma sha huɗu da suka wuce. Ta ce akwai wani ɗan haske mai rauni da ido ba ya gani, wanda na'urori suke kamawa daga kowace fuska ta sama, kuma an yi hasashen samuwarsa kafin a gano shi. Ƙasar da muke takawa kuwa, awon duwatsu ya nuna ta kai shekara biliyan huɗu da rabi.

“To biri fa?”

“Ba a ce biri ya haifi mutum ba. Abin da ake cewa shi ne mutum da manyan birai sun fito daga kakanni ɗaya a can da nisa, kamar yadda kai da ɗan kawunka kuka haɗa kaka, ba wanda ya haifi wani.” Ta ce hujjarsu ƙasusuwan da ake tonowa ne a jere cikin duwatsu, da kuma kamannin ƙwayoyin gado da ke jikin halittu. Da ta ga ya yamutsa fuska sai ta kawo masa sauro. Ta ce ya tuna maganin feshin da a dā yake kashe sauro tas, yanzu kuma ba ya yi sosai. Waɗanda jikinsu ya jure ne suka tsira, suka haifi masu juriya. Irin wannan tacewar, in ta ɗauki shekaru miliyoyi, ita ce suke cewa tana sauya halittu.

“Amma an ce tiyori ne kawai,” in ji shi.

“A bakin titi tiyori yana nufin zato. A wurinmu yana nufin bayanin da aka gwada da shaidu masu yawa, bai faɗi ba tukuna.”

Sai ya yi mata tambayar da Madam ta ce a yi wa kowane ɓangare: ina rauninsu? Ya zaci za ta kare. Ba ta kare ba. Ta ce har yau ba a san tabbas yadda rai ya fara daga abin da ba shi da rai ba, ana bincike ne. Ba a san abin da ya sa aka sami wannan farkon ba. Kuma tambayar me ya sa akwai wani abu maimakon babu, ko mene ne amfanin zuwanmu, ba ta da na'urar auna ta. Amma ta gargaɗe shi kada ya rubuta cewa rashin sanin farkon rai ya rushe shaidar ƙasusuwa, domin tambayoyi biyu ne mabambanta, kuma mai karatu mai hankali zai kama shi.

Da zai tashi sai ya tsaya yana gyara hularsa. “Maltiti, akwai maganar da na faɗa miki a aji.”

“Na tuna, Afa.”

“Ban san amsar ba ne a ranar. Na ji kunyar in ce ban sani ba. Ki yafe mini.”

Ta sunkuyar da kai, ta ce ta yafe tuntuni, amma muryarta ta nuna ba tuntuni ba ne sosai. Sannan ta ce tana da roƙo. Ɗalibanta suna yi mata irin tambayar da ta yi masa, ita kuma abin da take iya ce musu kawai shi ne addini daban, kimiyya daban, su buɗe shafi na gaba. Ta ce in ya rubuta ɓangaren addini tana so ta gani.

Ya zaci wannan ɓangaren zai zo masa da sauƙi. Shi ya fi ba shi wahala. Da ya zauna rubuta shi a shafi ɗaya, sai ya ga cewa bayanin addini ba murya ɗaya ba ce. Ya rubuta abin da aka haɗu a kai: akwai Mahalicci, ya yi sammai da ƙasa da nufi, cikin kwana shida, ya halicci mutum na farko daga ƙasa, ya ɗora masa nauyi. Ya rubuta cewa madogarar wannan bayanin wahayi ne, da kuma hujjar hankali cewa tsari irin wannan bai rasa mai tsarawa. Daga nan dole ya faɗi saɓanin. Ya san tun yana ɗalibi cewa malaman tafsiri sun yi magana a kan ko kwanakin nan irin namu ne ko zamuna ne masu tsawo, amma bai taɓa faɗa wa yara ba. Ya tambayi Madam game da Kiristoci, ta ce su ma haka: akwai masu ɗaukar kwanakin a zahirinsu, akwai masu ganin labarin yana koyar da waye ya yi halitta ne, ba yana ba da jadawali ba. Ta kuma tuna masa cewa tambayar ba ta ce addinai biyu kawai ba. Sai ya ƙara layi uku a kan abin da ya ji daga tsofaffi a Gbalahi, cewa Naawuni, wato Ubangiji, shi ne ya yi sama da ƙasa, kuma ba su taɓa damuwa da ƙirga kwanakin ba.

Na ga daftarinsa na biyu, duk ya sha gogewa. Inda ya rubuta cewa masu kimiyya suna riya kaza, ya soke ya sa suna cewa. Inda ya rubuta gaskiyar magana ita ce a farkon ɓangaren addini, ya soke ya sa masu addini suna cewa. Ya ce mini wannan gyaran ya fi kowanne yi masa ciwo, sai da ya tuna wa kansa cewa layi na biyar, na faɗin matsayinsa, yana nan yana jiransa.

A ɓangaren awo ya kawo sukar da ake yi wa addini ba tare da ya rage mata kaifi ba: cewa bayaninsa ba a iya gwada shi da awo, kuma addinai sun saɓa wa juna, to wanne za a ɗauka? Ya kawo amsar masu addini, cewa ba kowace gaskiya ake sanyawa a ma'auni ba. Ya kawo sukar da ake yi wa kimiyya, cewa tana sauya magana kuma ba ta amsa tambayar dalili, da amsar masu ita, cewa gyara kuskure in sabuwar shaida ta zo shi ne ƙarfinta. Ya kai wa Maltiti shafinsa na biyu har sau biyu. A karo na farko ta gyara masa wuri ɗaya, inda ya ce duniya ta fashe kamar bom. A karo na biyu ta ce, “E, haka muke cewa.”

A kammalawa ya rubuta cewa a kan shekarun sama da ƙasa, shaidar awo tana da ƙarfi, kuma bai ga ta ci karo da imaninsa ba tunda kwana yana iya zama zamani. A kan dalilin halitta, ya ce kimiyya ba ta yi da'awar amsawa ba, shi kuma ya tsaya a kan wahayi. A kan mutum na farko kuwa ya rubuta cewa ya yi imani an halicce shi halitta ta musamman, ya san shaidar da masana suke kawowa ba ƙarama ba ce, kuma bai iya haɗa biyun ba tukuna. Ya so ya goge wannan jimlar ta ƙarshe. Ya bar ta.

Madam ta ba shi maki mai kyau, ko da yake ba shi ne na ɗaya ba. Ta rubuta cewa gabatarwarsa ta yi tsawo, kuma ɓangaren addini har yanzu ya fi na kimiyya da rabin shafi. A gefen jimlar da ya so gogewa ta ja layi biyu, ba ta rubuta komai ba.

Maltiti ta nemi izini ta buga shafukan ta raba wa ɗalibanta, ya yarda. Ta haka ne takardar ta kai hannun Afa Issah, abokinsa tun suna ɗalibai, limamin wani ƙaramin masallaci a bayan kasuwar Nyohini, domin 'yar limamin tana ajin. Ran Juma'a bayan an sauko ya tare shi a gindin bishiyar da suke zama, ina wurin.

“Buraima, kai ka rubuta wannan?”

“Ni ne.”

“Ka ba su shafi guda cur, ka jera musu hujja kamar kai ne lauyansu. Yaro ya karanta ya tsaya a nan fa?”

“In bai ji daga gare ni ba zai ji a waya, daga wanda ba zai kai shi shafi na uku ba.”

“Kuma ka ce ba ka iya haɗa su ba. Malami yana faɗin haka a gaban yara?”

“To in ce na iya?”

Afa Issah bai gamsu ba, kuma bai ɓoye ba. Ya ce akwai abin da babba yake riƙewa a cikinsa don kada ƙanana su yi tuntuɓe. Afa Buraima ya ce ya yi shekaru yana riƙewa, ya ga abin da riƙon ya haifar. Suka rabu ranar ba daɗi. Wata biyu Afa Issah bai zo gindin bishiyar ba, kuma wasu iyaye biyu sun je wurin shugaban makarantar da Afa Buraima yake koyarwa suna tambaya ko lafiya.

Ya karɓi takardarsa ta malanta a shekarar da ta biyo, saura 'yan shekaru ya yi ritaya. Zuweira ta ɗinka masa sabuwar riga don bikin, ya sa hular digiri a kan tasa hular, ta ƙi zama. Afa Issah ya zo wurin, ya zauna a baya. Da aka watse ya matso ya yi masa barka, sannan ya zaro wasu takardu a ninke daga aljihu. Raddi ne ya rubuta, da Larabci, shafi bakwai. Ya ce Buraima ya karanta ya ba shi amsa, amma a rubuce, domin in da baki ne ya san halinsa, ba ya bari mutum ya kai aya. Afa Buraima ya karɓa ya sa a aljihun sabuwar rigar, ya ce a ba shi mako biyu. Sannan suka tsayar da yalo-yalo ɗaya, wato babur mai ƙafa uku na haya, domin gidajensu hanya ɗaya ce.